Inspector na Meshmixer ya ceci fayil ɗin, amma a kula da Make Solid

Ban zaci tsohuwar manhajar gyaran zanen 3D irin Meshmixer za ta fidda ni kunya haka ba. Fayil ɗin STL ne, wato zanen da ake bugawa da firintar 3D, na mariƙin kantar bango da na sauke, tsawonsa milimita 100, da ramukan sukuru biyu masu faɗin milimita 3.2. A hoto sumul yake. Da manhajar yankawa, wadda ke shirya wa firinta zane, ta jera shi hawa-hawa, sai ga wasu hawa sun ɓace a tsakiya, rami ɗaya kuma ya toshe.

Dalilin shi ne jikin STL alwatika ne zalla, kuma dole kowane gefe ya haɗa alwatika biyu cif. In ɗaya ce, akwai ɓula. In uku ne ko fiye, manhajar ba ta iya bambance ciki da waje, sai ta yi ta kame-kame.

A Meshmixer ana shiga Analysis, a danna Inspector, sai ƙananan ƙwallaye su fito suna nuna kowace matsala: shuɗi ɓula, ja gefen da alwatika suka yi wa yawa, ruwan hoda gutsuren da ya rabu da jiki. Abin da ya burge ni shi ne ana gyara su ɗaya bayan ɗaya. Kada a yi gaggawar danna Auto Repair All, domin gyaran ruwan hoda sharewa ne, kuma wani gutsuren ɓangare ne na zanen. Ɓular da ke kan shimfiɗaɗɗen bango, a sa Hole Fill Mode a kan Flat Fill. Smooth Fill na wuri mai lanƙwasa ne, a bangon da zai manne da katako yana iya barin tudu.

To amma Inspector ba ya ganin sassan da suka kutsa cikin juna, kuma abin da mai zanen nan ya yi ke nan: ya cusa hannun mariƙin cikin gindinsa bai haɗe su ba. Wallahi abin da ciwo, mutum ya ɗora zane wa jama'a bai taɓa buga shi ba. Nan dole sai Edit, sannan Make Solid, wanda ke sake gina jikin gaba ɗaya. In aka bar Solid Accuracy a kan 128, abu mai milimita 100 ana auna shi ne da ma'aunin kusan milimita 0.8, sai kusurwoyi su dakushe, bakin ramin sukuru ya lalace. A mayar da Solid Type zuwa Accurate, a ɗaga Solid Accuracy da Mesh Density zuwa 512, a danna Update, sannan Accept. Fayil zai yi nauyi, kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi za ta ja ƙafa.

Ga mutum-mutumi da kayan ado, Make Solid ya wadatar ƙwarai. Ga abin da sukuru zai shiga, sai an sake auna ramin, an kuma bi hawa-hawan tun daga ƙasa kafin a tura wa firinta.