Dijanktar 16 ko 20: wanne ya dace da layin da ke ɗauke da wat 4100?

"Salam ƴan uwa, ina Tahoua. A layi guda ina da firigo wat 200, kwanjelatar 300, tele 100, dutsen guga 1500, da risho na kuran 2000. Dijanktar 16 ce a kai, kullum tana faɗuwa, musamman da rana. Mai shago ya ce in sa 20 kawai. In sa?"

Wa alaika salam ɗan uwa. Kar ka saya tukuna, mu fara yin lissafi. Kayan nan in ka haɗa su wat 4100 ne, kuran ɗinmu na Nijar kuma bolt 220 ne, to sai ka raba:

```
I = P / U
4100 / 220 = 18,6 A
```

Amfer 18,6 ke nan in duka suna kunne lokaci guda. Ita 16 iyakarta 16 sau 220, wat 3520, ka wuce ta da wat 580. Ita 20 tana kai wat 4400, saura wat 300 kacal tsakaninka da bakin iyaka. A takarda dai 20 ta ci, shi ya sa mai shago ya faɗi haka, amma bai tambaye ka kaurin wayar da ke cikin bango ba, kuma nan ne maganar take.

Dijanktar ba don firigo ko risho aka sa ta ba, waya take tsaro. Aikinta ta yanke kuran kafin wayar ta yi zafin da robarta za ta narke. Ƙa'idar Faransa NF C 15-100, wadda masu aikin kuran da yawa a nan suke bi, ta ce wayar tagulla mai 1,5 mm² ba a ɗora mata fiye da amfer 16, mai 2,5 mm² kuma ba a wuce 20. To in wayarka ɗaya da rabi ce ka sa mata 20, faɗuwa za ta daina, hankalinka ya kwanta, alhali wayar tana can tana dahuwa cikin bango ba mai gani, sai ranar da ka ji ƙaurin roba ko ka ga firiz ta yi baƙi. Wallahi na fi tsoron wannan shirun a kan faɗuwar da ke damunka yanzu.

Sanin kaurin ba wuya. A kashe babbar dijanktar da ke wajen kwantar, a buɗe firiz ɗaya, a duba rubutun jikin robar. In ba rubutu a auna tagullar: ɗaya da rabi faɗinta wajen milimita 1,4 ne, biyu da rabi wajen 1,8. A duba wuri fiye da ɗaya, don na sha ganin layin da aka fara da biyu da rabi daga tabulo, a tsakiya aka jona da siririya, kuma siririyar ce ke yanke hukunci.

Batun faɗuwa da rana kuwa zafi ne. Cikin dijanktar akwai ɗan ƙarfe da ke lanƙwashewa in ya ɗumama, kuma lambar da ke jikinta, C16 ko C20, a zafin digiri 30 aka daidaita ta. Watan Afrilu a Tahoua ana wuce 40, tabulo kuma a rufe, ƙarfen ya riga ya yi rabin tafiya tun kafin ka kunna risho. Wannan zafin zai taɓa 20 ɗin ita ma, ga shi tazararka amfer 1,4 ce kawai, ga motar firigo da ta kwanjelatar suna jan kuran fiye da abin da wat ɗinsu ya nuna, balle lokacin tashi. Don haka ko wayar biyu da rabi ce, 20 za ta riƙe amma da kyar.

Lura da yadda take faɗuwa. In sai bayan mintoci ana girki ana guga, lodi ne ya yi yawa. In ka bar ta ta huce, kana tayar da ita ta koma nan take, ba lodi ba ne, wayoyi sun haɗu ko wani kaya ya lalace, nan ƙara lamba ba ya magani.

Ni a gidana ga abin da zan yi: in bar 16 a wurinta, in cire risho daga layin, a ja mishi nashi da biyu da rabi daga tabulo. Risho shi kaɗai amfer 9,1 ne, sauran wat 2100 kuma amfer 9,5, kowane layi 16 ta ishe shi har da rara mai yawa. Sai dai ka duba lambar babbar dijanktar ta NIGELEC, don raba layi ba ya rage jimilla, 18,6 ɗin nan duk ta cikinta zai bi. Kafin mai aikin ya zo, kar a haɗa guga da girki, kuma kar a jona risho a ralanji.