Wace manhajar cire hoto zaka saya in gashi ne matsalarka?

Masu aikin fosta da bana a nan Gusau kullum tambayar ɗaya ce, wace manhaja ce ke cire hoto daga bangonsa tsaf. To ni dai kafin ka biya ko sisi, gwada ta da gashi, don yanke mai hula ko mai hijabi kowace na iyawa tunda gefen a miƙe yake.

Gab da babbar sallah wani mai kiwo ya kawo min hoton farin ragonsa mai geza, an ɗauka a gindin jan bango, yana son a ɗora shi kan shuɗi. Na fara da wata manhajar waya mai gogewa da yatsa, wallahi gezar ta fito kamar an sa mata almakashi. Irin waɗannan sun isa in hoton sitatus ne kawai.

Shafin remove.bg ya fi su kama silin gashi nesa ba kusa ba, sai dai na kyautan ƙarami yake baka, wajen 625 a 400, ka kai shi bana ƙafa shida sai ya farfashe, babban kuma sai ka biya.

Photoshop ne mai tsadar, biyan wata-wata, amma ga abin da kuɗin ke saya maka. Ka zaɓi ragon sama-sama, ka danna Ctrl+Alt+R ka shiga Select and Mask, ka ɗauki Refine Edge Brush ka bi bakin gezar kawai, kar ka kutsa cikin jiki don sai ya huje wurin ka riƙa hango bayan ta ciki. Ko bayan nan ja-ja ya rage a gashin, dalili kuwa silin gashi ya fi ɗigon hoto siranta, launinsa ya gauraye da na bangon, gogewa bata raba su. Decontaminate Colors ne ke wanke wannan, yana ɗauko farin da ke kusa ya maye gurbin jan, amma in ka cika shi gefen kan yi dabbare-dabbare, ni rabi nake farawa.

In aljihu babu nauyi, Photopea kyauta ne cikin burauza kuma yana da Refine Edge, sai dai babban hoto na sa ƙaramar kwamfuta nishi. GIMP ma kyauta, baya buƙatar data, amma Foreground Select ɗinsa sai mai haƙuri.

Ko wanne ka ɗauka, sa baƙin bango a ƙarƙashin abin da ka cire, sannan fari, ka zuƙo zuwa 200%. Baƙin ke tona farin zobe a gefe, farin ke tona duhu da ja. Ragon nan kan farin bango ne na ga sauran jan a ƙasan wuya, na gyara kafin na kai wurin bugawa.