Batirin LiFePO4 a shagona: yana aiki, amma kada ka yarda da lambar allo

Batirin da na sa wa firjin ruwan sanyi da fanka biyu a shagona nan Maraɗi, na lithium ne irin LiFePO4, 12.8V 100Ah. Shi kansa batirin ba ni da ƙorafi a kansa: ya fi na gubar da na saba da shi sauƙin ɗauka, ya kuma jure zafin watan Afrilu. Matsalar tana wajen lambar kashi cikin ɗari da ƙaramin allon na'urar cajin sola ke nunawa.

Allon ba ya ganin wutar da ta rage. Bolt kawai yake aunawa, sai ya yi hasashe. A batirin gubar hasashen yana kamawa, domin cikakke yana wajen bolt 12.7, rabi kuwa wajen 12.2, yana sauka a hankali. Na LiFePO4 ba haka yake ba. In ka duba zanen da ke takardarsa, layin yana ɗan faɗowa da farko, sai ya miƙe shimfiɗe kamar tabarma, can ƙarshe ya rufta. Daga kashi 90 zuwa wajen kashi 20, bolt ɗin yana tsakanin 13.3 da 12.9 ne kawai. Ka ga ke nan, kashi 70 na wutar yana ɓoye cikin tazarar da ba ta kai rabin bolt ba.

Ga lissafin dare guda. A ce kayana suna jan amfiya 10 in an daidaita. Na tashi da cikakken batiri ƙarfe bakwai na yamma. Zuwa ƙarfe uku na dare awa 8 ke nan, amfiya 10 sau awa 8, an sha 80Ah cikin 100Ah, saura 20Ah. Amma allon da aka saita da ma'aunin gubar yana ganin bolt 12.9, sai ya ce batiri cike yake! Kafin ƙarfe biyar an kai gangaren, bolt ya zube zuwa 12, daga nan zuwa wajen 10, BMS ɗin ciki, wato na'urar da ke kare batirin, ya yanke wuta. Da yawa a nan suke cewa an sayar musu da jabu, alhali batirin ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa.

Ko tashin injin firji kaɗai yana iya sauke bolt da 0.2, lambar ta yi tsalle, ta dawo in ya tsaya.

Mai gyara ya ƙara mini ma'aunin da ke ƙirga amfiyar da ta shiga da wadda ta fita, an ɗaura shi a wayar baƙi. Wannan ya fi gaskiya nesa ba kusa ba. Shi ma yakan kauce a hankali, musamman lokacin hazo da rana ba ta cika batiri. Sai an bar caji ya kai wajen bolt 14.4, an cika taf, sannan ƙirgan ya koma 100 daidai.

Zan sake sayen irinsa, amma kuɗin ma'aunin zan haɗa cikin ciniki tun farko.