Wa za ka ba wa gyaran wasiƙar neman bayanin tallafin karatu?

Wani ƙanena da ya karanta aikin gona ya kawo mini wasiƙar da yake shirin aika wa wata jami'a a Jamus. Yana son shiga shirin EPOS na DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, wanda ke ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu ga 'yan ƙasashe masu tasowa. Cikin sharuɗɗan shirin akwai aikin shekara 2 bayan digirin farko, a fannin da ya dace da kwas ɗin. Shi kuwa yana da shekara 1 ta bautar ƙasa a ma'aikatar gona, da wata 14 a wani kamfanin iri. Tambayarsa ɗaya ce tak: za a lissafa shekarar bautar ƙasa cikin aikin?

Sai dai wasiƙar da ya kawo shafi guda ce da rabi, kuma tambayar tana can sakin layi na biyar. Kafin a isa gare ta an yi gaisuwa, an yabi Jamus, an faɗi cewa shi maraya ne, an roƙi a taimaka masa don Allah. Ya liƙa fayil 11. Da na tambaye shi wa ya tsara masa, sai ya ce, "Yaya, a shagon kafe aka yi mini, ai na biya."

Wurare huɗu ne yawancin ɗalibanmu ke kai irin wannan wasiƙa, kuma kowanne da abin da yake sayarwa.

Mai shagon kafe ko ejan shi ne mafi sauri, kuɗinsa ma ba su da yawa. Abin da za ka samu a wurinsa tsohuwar wasiƙa ce da ke cikin kwamfutarsa, a canza suna da fanni. Irinta tana farawa da `Dear Sir/Ma`, alhali sunan mai kula da kwas ɗin yana nan a shafin jami'ar, sau da yawa ma mace ce mai digirin digirgir. Haɗarin da ya fi wannan shi ne ejan da zai ce da adireshin imel ɗinsa za a aika. Amsa za ta je hannunsa, takardunka su zauna a wurinsa. Ka je shagon don a ɗauki hoton takardu da na'ura su fito tsaf, wannan aikinsu ne kuma sun iya. Rubutun kuwa kada ka bar musu.

Malaminka na jami'a kyauta zai duba maka, kuma ya fi kowa sanin fanninka. Idan wasiƙar ga farfesa za ta, kana neman ya kula da bincikenka, babu kamarsa, domin shi zai gane ko abin da ka ce kana son bincikawa yana da kan gado. Matsalarsa lokaci, wasiƙar na iya yin mako 2 a teburinsa. Wasu malaman kuma sun saba da salon takardar ofis, mai yawan ƙanƙan da kai. A wurinmu ladabi ne, amma ma'aikacin da ke da imel ɗari a gabansa tambaya yake nema ya amsa ya wuce.

Mai gyaran rubutu na kuɗi zai gyara nahawu da tsarin jimla. Kafin ka biya, ka nemi ya nuna maka aikin da ya taɓa yi, yadda rubutun yake kafin gyara da bayansa. In na bayan ya fi tsawo, ko ya cika da manyan kalmomin da mai wasiƙar ba zai iya faɗa da bakinsa ba ranar ganawa, to ka nemi wani. Ka kuma lura ko ya yi maka tambaya. Wanda ya karɓi wasiƙa bai tambaye ka sunan shirin da ranar rufewa ba, harshe kawai zai taɓa.

Na huɗu shi ne wanda ya taɓa cin wannan tallafin, ko yake can yana karatu. A ganina shi ya kamata ka fara nema, ko da Turancinsa bai kai na mai gyaran rubutu ba. Shi ya san cewa a EPOS jami'ar da ke koyar da kwas ɗin ake aika wa takardu, don haka tambayar cancanta wurin mai kula da kwas za ta. Ya kuma san tambayoyin da amsarsu ke rubuce a shafin shirin, waɗanda yin su ke nuna ba ka karanta ba. Iyakarsa ita ce abin da ya sani na shekararsa ne, sharuɗɗa kuwa suna canzawa. Duk abin da ya gaya maka, ka gwada shi da sanarwar bana.

Irin wannan mutum muka samu ya zauna da ƙanena, ga abin da ya rage. Taken imel ɗin da farko `Good day` ne, ya koma haka:

```
EPOS eligibility: does national service count as work experience?
```

Jimlar farko ta faɗi sunansa, ƙasarsa, digirinsa da shekarar gamawa. Ta biyu ta ambaci cikakken sunan kwas ɗin da zangon da yake son farawa. Sannan ya nuna ya karanta sharaɗin shekara 2, ya jera ayyukansa biyu da watan farawa da na gamawa. Ya ƙara layi ɗaya da ke bayyana cewa bautar ƙasa, wato NYSC, aiki ne na shekara guda da doka ta wajabta wa masu digiri a Nijeriya, bayan kammala karatu ake yinsa, kuma shi a fannin gona ya yi nasa. Ba kowane Bajamushe ya san wannan ba. Sai tambayar, sai godiya. Duka ba su kai kalma 150 ba. Batun maraici ya fita. Ba abin kunya ba ne, amma mai karanta wasiƙar ba shi da ikon canza sharaɗi saboda shi.

Wani gyara da ni kaina ban lura da shi ba: ƙanena ya rubuta makinsa 4.12 kawai. A jami'o'in Jamus 1.0 shi ne maki mafi kyau, 4.0 kuma shi ne ƙarshen ci, abin da ya wuce nan faɗuwa ne. Dole a rubuta 4.12 cikin 5.00, a kuma faɗi cewa 5.00 ne ƙololuwa.

Daga fayil 11, biyu suka tsira: takardar tarihin karatu da aiki mai shafi 2, da takardar kammala bautar ƙasa, tunda a kanta ake tambaya. Dukansu PDF ne, kowanne da suna mai ma'ana irin `CV.pdf` maimakon `IMG_0042.jpg`, kuma an ambace su a cikin wasiƙar. Fasfo, katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma da sakamakon sakandare duk an cire su. Ba a nemi ko ɗaya ba a wannan mataki, kuma takardun shaida ba abin aikawa ba ne ga adireshin da ba ka tabbatar ba. Ka duba abin da ya biyo bayan alamar `@` ya yi daidai da adireshin shafin jami'ar.

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, ka kashe su wajen ɗaukar hoton takardu mai kyau. Mai gyaran rubutu ya zo daga baya, bayan wanda ya san shirin ya duba, kuma ka gaya masa kada ya ƙara ko layi ɗaya. Ka aika da saura aƙalla wata guda a rufe, daga imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya. In an yi kwana 10 shiru, ka yi tuni sau ɗaya a ƙarƙashin wasiƙar farko, don mai karantawa ya ga tambayar ba sai ya nema ba.