Gargaɗi: Masu Sayar da Hatimin "Afostil" a Kan Takardun Haihuwa da na Aure na Najeriya

Jama'a, ina roƙon duk mai shirin kai takardar haihuwa ko ta aure wata ƙasa ya karanta wannan kafin ya ba kowa ko sisi. Ƙanwata ce abin ya faɗa wa, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Mijinta yana aiki a Sifaniya, ya fara shirin ɗauko ta da ɗansu. Aka ce ta kawo takardar aurensu da takardar haihuwar yaron, a tantance su, a kuma fassara su. Wata ƙawarta ta haɗa ta da wani ejan a waya. Mutumin ga baki, ga ladabi, Hajiya kaza Hajiya kaza. Ya ce zai yi mata "afostil na ƙasa da ƙasa" cikin kwana uku, ba sai ta je Abuja ba, ta turo hoton takardun kawai da naira dubu 280 a asusunsa. Ta tura. Ranar da ya faɗa kuwa sai ga takardu: fotokwafin nata ne, an manna jan tambari mai ƙyalli, an ɗaura zare, an buga hatimin wani lauya, ga fassara a baya babu sunan wanda ya yi ta. Da aka gabatar, ko karɓa ba a yi ba. Lokacin da aka ba ta na gabatar da takardun ya wuce, sai da ta sake neman wani lokacin, ejan kuma wayarsa a kashe.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, Najeriya ba ta bayar da afostil. Afostil takardar shaida ce da ta samo asali daga yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan ranar 5 ga Oktoba, 1961. Ƙasashen da suka shiga sun amince cewa idan hukumar da ƙasa ta naɗa ta manna wannan shaida a kan takardar gwamnatinta, sauran ƙasashen za su karɓa ba sai an bi ta ofishin jakadanci ba. Birtaniya, Amurka, Faransa, Jamus, Sifaniya da Turkiyya duk suna ciki, Saudiyya ta shiga a 2022. Najeriya ba ta ciki, Nijar ma haka. Kuma ƙasar da ta fitar da takarda ita kaɗai ke da ikon yi mata afostil. To wanda ya ce zai yi wa takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa afostil, a wane ofishi zai samo shi? Babu wannan ofishin. Jerin ƙasashen yana nan a hcch.net, kowa na iya dubawa.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan wuyar ganewa, don ita hatiminta na gaske ne. Ejan zai aika kwafin takardarka ga wani lauya a Birtaniya, lauyan ya sa hannu cewa kwafi ne, sannan a kai ofishin gwamnatin Birtaniya a manna afostil. Kana dubawa za ka ga komai daidai, har da kan takardar da ake rubutawa da Faransanci: Apostille (Convention de La Haye du 5 octobre 1961), da layuka goma masu lamba a ƙasa. Amma ka karanta layi na ɗaya da na biyu. Na ɗaya sunan ƙasa ne, na biyu sunan wanda ya sa hannu. Za ka ga Birtaniya da sunan lauyan. Wato abin da aka tabbatar shi ne sa hannun lauyan Birtaniya, ba a ce komai ba game da jami'in da ya sa hannu a takardarka a Kano ko Kaduna. Ma'aikacin da ya san aikinsa kallo ɗaya zai yi ya mayar maka.

Hanyar gaskiya ga takardar Najeriya doguwa ce, amma a fili take. Ainihin takardar ake kaiwa Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, ta tabbatar da sa hannu da hatimin hukumar da ta fitar da ita. Daga nan a kai ofishin jakadancin ƙasar da za a je, shi kuma ya tabbatar da hatimin ma'aikatar. Mataki biyu ke nan, a jere, ba a tsallake na farko. Kuɗin gwamnatin tarayya ta Remita ake biya a karɓi rasit, ba a asusun wani mutum ba. Kuma ba kowace ƙasa ce ke bin wannan tsari ba. Jamus, alal misali, ta daina buga wannan hatimi a kan takardun Najeriya. Hukumar da ke can ce ke neman ofishin jakadancinsu ya sa a binciki takardar har inda ta fito. Don haka mai tafiya Jamus da aka ce masa za a samo masa hatimin jakadanci, shi ma ƙarya ake masa.

Hatimin lauyan da aka buga wa ƙanwata shi ake kira na notari. Notari a Najeriya lauya ne da Alƙalin Alƙalan ƙasa ya naɗa, aikinsa ya shaida cewa wane ya sa hannu a gabansa, ko wannan kwafi ya yi daidai da takardar da aka nuna masa. Iyakarsa ke nan. Ba ya tabbatar da cewa an ɗaura auren, ba ya tabbatar da cewa fassara ta yi daidai, mai yiwuwa ma bai iya harshen ba. Ina ganin nan ne aka fi cutar mutanenmu, domin mu dai in mun ga jan tambari da sa hannun lauya, sai hankali ya kwanta.

Fassara kuma aba ce daban, kuma ƙasar da za ta karɓa ita ke faɗin wanda ta yarda da shi. Sifaniya tana son fassarar mai fassara da ya yi rantsuwa, wanda ma'aikatar harkokin wajenta ta naɗa, sunansa na cikin jerin da take wallafawa. Faransa tana da nata masu rajista a kotunan ɗaukaka ƙara. Hukumar shige da fice ta Amurka kuwa ta wadatu da mai fassara ya rubuta cewa ya ƙware a harsunan biyu kuma fassarar cikakkiya ce daidai, ya sa hannu, ba ta neman notari. Takarda ta Turanci da za a kai Birtaniya ko Amurka ba ta buƙatar fassara kwata-kwata, sai dai in takardar auren daga kotun Shari'a ce da aka rubuta da Hausa ko Larabci. A kula, fassara tana zuwa ne bayan an gama buga hatimai, don su ma ana fassara su. Kuma mai fassara ba ya gyara suna. In takardar aure ta ce A'ishatu, fasfo ya ce Aisha, a warware wannan tun a gida kafin a kashe kuɗin hatimi.

Duk wanda ya zo muku da irin wannan tayi, ku tambaye shi abu uku: wace hukuma ce za ta buga hatimin, ina rasit ɗinta, kuma me ya sa ba ya buƙatar ainihin takardar. Na ƙanwata da ya sha wannan tambaya ta ƙarshe da bai ci kuɗinta ba, don babu hukumar da ke tantance hoton da aka turo ta waya.

Yanzu mun sauko da jerin abubuwan da ake buƙata daga shafin ofishin jakadancin da kansa, yayanmu ya kai takardun Abuja da hannunsa, mijin kuma ya samo mai fassara daga jerin gwamnatin Sifaniya. Lambar asusun ejan da hotunan hirarsu mun kai wa 'yan sanda, mun kuma sanar da bankin.