Kafin ka sayi kayan gwajin danshi da toka na fulawa

Idan kuɗin da aka ware wa ɗakin gwaji bai kai a sayi komai da komai ba, a fara da sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo, sai obin na busar da samfur mai fanka a ciki, sannan tanderun ƙona samfur. Sauran na'urori su jira.

Dalilin sa sikeli a gaba yana cikin lissafin toka. Ka ɗauki giram 3 na farar fulawa ka ƙona a digiri 550 har baƙin ya ɓace, ta koma toka mai haske. Idan tokar fulawar kashi 0.55 ce cikin ɗari, abin da zai rage a kaskon tangaran giram 0.0165 ne kacal. Sikelin da ke tsayawa a lamba biyu zai ce maka 0.02 ko 0.01, wato kashi 0.67 ko 0.33, kuma duk biyun ƙarya ne. Da wannan ɗan bambanci ake gane yawan dusar da ta shiga gari, tunda ma'adinan alkama a ɓawonta suka fi taruwa. A garin gero ko dawa kuwa, tokar da ta haura ƙa'ida sau da yawa yashin masussuka take tonawa.

Wajen danshi ni ɗan obin ne, ba na ɓoyewa. Giram 2 na gari a faranti mai murfi, digiri 130, awa ɗaya daga lokacin da zafin ya dawo bayan rufe ƙofa. A rufe farantin tun a ciki, a sanyaya shi a desiketa, wato tukunya mai murfi da ke hana samfur shan danshin iska, a auna. Idan 2.0000 ta koma 1.7400, danshi kashi 13 ke nan, ƙasa da 15.5 da ƙa'idar abinci ta duniya ta yanke wa fulawar alkama. Da wannan adadi ake gyara lissafin toka ma: 0.55 ɗin nan, in aka raba da 0.87, wato abin da ya rage bayan cire danshi kashi 13, ta zama 0.63 a kan busasshen gari. Obin yana ɗaukar samfura da yawa a zubi guda, mai gyaran lantarki na gari zai iya taɓa shi, kuma in gardama ta tashi tsakaninka da mai kawo kaya, sakamakonsa ake komawa. Amma lallai mai fanka. Marar fanka, farantin sama da na ƙasa ba zafi ɗaya suke sha ba, sai samfur guda ya ba ka amsa biyu.

Na'urar halojin, mai busar da samfur da zafin fitila don auna danshi, tana gamawa cikin 'yan mintoci, sai dai samfur ɗai-ɗai take ci, kuma dole a daidaita ta da obin. Mitar danshi ta hannu da ake zuba wa ƙwayar hatsi ta ciniki ce a bakin mota a Dawanau, ba ta rubuta takardar sakamako ba. Ta hasken infirared, ga tsada, ga shi toka ƙiyasta ta take yi, ba aunawa ba.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Lambar da allon obin ko tanderu ke nunawa ba shaida ba ce. An taɓa kawo mana obin "sabo fil", allo na nuna 130 daram, amma danshi kullum yana fitowa ƙasa da na sauran ɗakunan gwaji. Da aka zura wani ma'aunin zafi daban ta ramin sama, ashe cikin bai ko kusa da 130 ba. Dillalin ya ce wutarmu ce ba ta da ƙarfi. Saboda haka ka je da naka ma'aunin, a kunna a gabanka, ka auna a tsakiya da kusurwoyi kafin ka biya ko sisi.

Tanderu na hannu ana shafa masa fenti a sayar a matsayin sabo. Buɗe ƙofar ka haska da tocila: tsagewar bulon ciki, wayar zafi da ta kumbura ko ta lanƙwashe, bakin ƙofa da ba ya haɗewa. Wanda bai kai zafinsa ba yana barin ɗigon gawayi a toka, sai adadin ya hau. Ka tambayi yawan wutar da yake ja tukuna, don aikin na sa'o'i ne kuma ba kowane janareta ke ɗauka ba.

Sikelin jabu ya fi duka wayo, domin lambobi huɗun suna nan a allo, na ƙarshen ne kawai na ado. Ɗora dutsen awo na gwaji, sauke, sake ɗorawa sau goma, a tsakiya da gefen faranti. In amsar na yawo da miligiram ɗaya ko biyu, bar wa dillali kayansa. Takardar daidaitawa ma ana kwafarta, don haka duba ko lambar jikin na'urar ce a kanta. Kuma in dillali ya ce desiketa kyauta ce, leƙa ƙwayoyin tsotse danshin da ke ƙasanta. Shuɗin nan in ya koma ruwan hoda ya riga ya ƙoshi, sai an gasa shi kafin ya yi aiki.