Kalandar wallafawa ta mutum huɗu: jadawalin Google Sheets ko allon Trello?

“Mu huɗu ne: marubuta biyu, mai zane ɗaya, sai shugabanmu da ke amincewa kafin a wallafa. Muna fitar da rubutu huɗu a mako. Wani rubutun sai ya kwana uku a wurin shugaba, wani kuma a wallafa shi bai ma gani ba. Google Sheets ya fi dacewa da mu ko Trello?”

Malama, kafin a zo ga manhaja, akwai abubuwa biyu da ƙananan tawagogi ke yawan cakuɗawa, kuma ina zargin a nan rabin matsalarku take: dubawa daban, amincewa daban. Mai dubawa shi ne wanda ke bin rubutu layi-layi, ya gyara harshe, ya tabbatar da sunaye da lambobi, ya danna kowane mahaɗi ya ga yana buɗewa. Mai amincewa kuwa tambaya ɗaya yake amsawa: wannan zai iya fita da sunanmu ko a'a? Idan shugaba ne ke yin duka biyun, dole rubutu ya kwana a hannunsa, domin aikin minti biyar ya koma na minti arba'in, shi kuma zai yi ta ɗage shi har sai ya sami natsuwa. Tunda marubutanku biyu ne, kowa ya riƙa duba na ɗan'uwansa. Abin da zai isa gaban shugaba ya zama gyararre, da hotonsa, yadda zai fita.

Matakan da zan ba ku shawara su ne shida: Shawara, Rubutu, Dubawa, Jiran amincewa, An amince, An wallafa. Na farkon ba na ado ba ne. Shugaba ya ga take da jimla biyu kan abin da za a faɗa tun kafin a fara rubutu, don kada a gama rubutu da zane sannan ya ce batun ma bai dace ba. Waɗannan matakan duk manhajojin biyu za su ɗauke su, amma ba abu ɗaya kowacce ke nuna muku ba. Jadawali ya fi amsa tambayar “yaushe?”, allo kuma ya fi amsa “yana hannun wa?”

A Trello kowane mataki jeri ne, kowane rubutu kati ne da ake ja daga hagu zuwa dama. Tsarin ya samo asali daga kanban na masana'antar Toyota, kuma ƙarfinsa ke nan: kallo ɗaya za ki ga katuna biyar sun taru a “Jiran amincewa” alhali sauran jerin fayau. Ba sai an yi wa kowa gori ba, allon ya faɗa. Hoto, tattaunawa da gyare-gyare duk suna zaune cikin katin, kuma yana rubuta wanda ya matsar da shi da lokacin da ya matsar. A waya ma yana da daɗin aiki, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan shugabanku mai yawan tafiya ne. Akwai kuma ƙari mai suna List Limits da ke canza launin jeri idan katunansa sun wuce adadin da kuka sa. Ku sa uku a jerin amincewa, ku ga yadda zai riƙa tona asiri.

Rauninsa biyu ne, kuma duka sun taɓa matsalarku. Na farko, kati yana da ranar ƙarshe guda ɗaya, wato `Due date`. Rubutu kuwa yana da ranaku aƙalla huɗu: ranar miƙa daftari, ranar gama dubawa, ranar amincewa, ranar wallafawa. Idan kun sa ranar wallafawa a katin, ba zai yi ja ba sai ranar da komai ya riga ya lalace. Idan kuma kuna canza ranar a kowane mataki, kalandar da Calendar Power-Up ke nunawa ta daina zama kalandar wallafawa, ta koma ta ayyukan cikin gida. Na biyu, duk wanda yake mamba a allon zai iya jan kati zuwa “An amince”. Za a ga sunansa a tarihin katin, gaskiya ne, amma bayan an riga an wallafa.

Google Sheets kuwa ba shi da kyan gani, sai dai waɗannan ramuka biyu yana toshe su. Kowane rubutu layi ɗaya ne. Ga ginshiƙan da zan sa: A take, B inda za a wallafa, C ranar wallafawa, D ranar miƙa daftari, E ranar gama dubawa, F ranar amincewa, G mataki, H wanda yake hannunsa, I mahaɗin rubutun, J sa hannun shugaba. Rana ɗaya kawai ake cikewa da hannu, ta ginshiƙin C. Sauran lissafin baya ne:

```
D2: =WORKDAY(C2,-5)
E2: =WORKDAY(C2,-3)
F2: =WORKDAY(C2,-2)
```

Mu ɗauki rubutun da zai fita ranar Alhamis. Lissafin zai ba ku Alhamis ɗin makon da ya gabata a matsayin ranar miƙa daftari. Mai dubawa da mai zane suna da Juma'a da Litinin. Shugaba yana da Talata. Laraba an bar ta fili da gangan: idan ya ce a gyara wani abu, a ranar za a gyara, a saka rubutun a layin fita. Da yawa sukan sa ranar amincewa ta zama jajiberin wallafawa, to duk ranar da shugaba ya ce “a sake wannan sakin layin” sai a rasa lokacin sakewa, a nan ne ake samun wanda zai ce bari dai in wallafa haka. A lura, `WORKDAY` yana ɗaukar Asabar da Lahadi a matsayin hutu. Idan ranakun hutunku daban ne, `WORKDAY.INTL` ke ba da damar zaɓa.

Ginshiƙin mataki kada a bar shi a riƙa rubutawa da hannu, in ba haka ba za ki tarar da “an gama”, “Angama” da “ya kammala”, tacewa ta gagara. A `Data validation` ku mai da shi jerin zaɓi mai matakai shidan nan. Sannan a `Conditional formatting` ku sa wannan ƙa'ida, layin da ya makara a wurin shugaba ya yi ja da kansa:

```
=AND($G2="Jiran amincewa",$F2<TODAY())
```

Abin da ya fi muhimmanci gare ku shi ne ginshiƙin J. A `Protect sheets and ranges` za ku iya kulle shi ta yadda shugaba kaɗai zai iya rubutu a ciki. Dokar kuma ta zama ɗaya tak: ba a wallafa layin da J ɗinsa ba komai. Mai fayil ɗin koyaushe yana iya gyara wurin da aka kulle, saboda haka shugaban ne ya kamata ya mallaki fayil ɗin, ba ɗaya daga cikin marubuta ba.

Sai dai jadawali ba ya kiran kowa, in ba an kunna masa sanarwar gyare-gyare ba. Idan kin mai da mataki zuwa “Jiran amincewa”, shugaba ba zai sani ba sai ya buɗe, ko kuma kin bar masa tsokaci da alamar @ da adireshinsa don saƙo ya je masa. A waya kuma jan jadawali mai ginshiƙai goma hagu da dama wahala ce. Nan Trello ya yi masa nisa. Maganin da na fi yarda da shi ba na manhaja ba ne: ku tsayar da lokacin amincewa sau biyu a mako, misali Talata da Alhamis da safe, minti ashirin kowanne. Rubutu huɗu a mako yana nufin biyu a kowane zama. Mutum ya fi cika alkawarin lokaci sananne a kan saƙonni huɗu da ke shigo masa a tsakiyar wasu ayyuka. Ku kuma amince tun yanzu kan wanda zai sa hannu idan shugaba ba ya nan, da irin rubutun da wannan mataimakin zai iya amincewa da shi. Sanarwar yau da kullum, e. Abin da ya shafi kuɗi, alkawari ga jama'a ko sunan wani, a jira mai shi ko a ɗage ranar.

Akwai wata ɓaraka da manhajojin biyu ba sa rufewa: gyara bayan amincewa. Shugaba ya sa hannu ranar Talata, ranar Laraba marubuci ya ga wata jimla ba ta yi masa ba ya sauya, har da lamba a ciki. Jadawali na cewa an amince, amma abin da aka amince da shi ba shi ya fita ba. Idan rubutun a Google Docs yake, da zarar an sa hannu a shiga `Version history` a sa wa wannan sigar suna da `Name current version`, duk gyaran da zai biyo baya kuma a yi shi a yanayin `Suggesting` don ya fito fili. Gyaran harafi ko waƙafi mai dubawa ya karɓa. Lamba, suna, kwanan wata, take ko hoto idan sun canza, shugaba ya goge J, layin ya koma “Jiran amincewa”.

Ginshiƙin H, ko mamban da aka liƙa wa kati a Trello, suna ɗaya kawai zai ɗauka a lokaci guda. Katin da ke ɗauke da fuskoki uku kowa yana jiran sauran biyun ne. Wanda ya gama nasa shi zai canza sunan zuwa na gaba, kuma aikinsa bai ƙare ba sai ya canza.

A ƙarshen wata ku zauna rabin awa ku duba a wane mataki aka fi makara. A jadawali wannan da sauƙi idan kun ƙara ginshiƙin ranar da aka sa hannu a zahiri, ku gwama ta da F. A Trello sai an bi tarihin katuna ɗaya bayan ɗaya. Idan makarar kullum a Dubawa take, kwana biyun sun yi kaɗan ko zane ne ke cinye su, sai ku mai da -5 ɗin nan -6. Idan a wurin shugaba take duk da lokutan da aka tsayar, to ku rage nau'in rubutun da ke buƙatar sa hannunsa.

Ni dai, ga mutum huɗu da rubutu huɗu a mako da matsalar da ke kan amincewa, Google Sheets zan zaɓa, saboda kulle ginshiƙin sa hannu da lissafin ranaku. Zan koma Trello ne idan aikinku ya fi karkata ga hotuna da bidiyo masu yawan kai-komo, ko kuma shugaba ba ya taɓa buɗe kwamfuta. Abin da ba zan ba ku shawara ba shi ne haɗa biyun, jadawali don ranaku, allo don matakai. Cikin 'yan makonni ɗaya zai ce an amince, ɗayan ya ce ana dubawa, kuma a cikin mutum huɗu babu wanda ke da lokacin daidaita su.